Na jera Excel da SQL da Power BI a takardar neman aiki, amma shiru: ina matsalar take?

Assalamu alaikum, Malam. Na karanci ƙididdiga a jami'a, na yi hidimar ƙasa a wani kamfanin dillancin kayan masarufi, suka riƙe ni na ƙara shekara guda da 'yan watanni. Yanzu ina neman aikin mai nazarin bayanai. Na tura sibi ɗina wurare kusan arba'in, ko kiran ganawa ban samu ba. A ciki na jera Excel, SQL, Power BI, Python da Tableau, na kuma rubuta cewa ni ke haɗa rahoton mako da nazarin bayanan ciniki. Akwai wani aiki da na yi kan basussukan da ke kan kwastomomi, wanda bayansa manaja ya canja tsarin ba da bashi. Ban sa shi ba, don shi ya yanke hukunci ba ni ba, kuma ina tsoron fitar da sirrin kamfani. Me nake yi ba daidai ba?

Wata 'yar'uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo mafi alheri.

Aikin bashin nan da kika ɓoye shi ne ya kamata ya zama layi na farko a ƙarƙashin sunan kamfanin. Kin bar nama a tukunya kin kai wa baƙo romo.

Ki sa kanki a kujerar mai tantancewa. Tulin takardu ne a gabansa, kuma kusan kowace ta jera manhajoji iri ɗaya, saboda kwasa-kwasai iri ɗaya aka yi a intanet. Jerin manhajoji kamar kafinta ne ya ce yana da zarto da guduma. Mai neman ƙofa ba wannan ya dame shi ba, so yake ya ga ƙofar da aka taɓa yi, ya tura ta ya ji ko tana rufuwa. Shi kuma "ni ke haɗa rahoton mako" bayanin kujera ne kawai. Duk wanda aka ɗora a wurin, mai ƙwazo ko malalaci, haka zai rubuta, kuma bai yi ƙarya ba.

Layin da ke sa a ɗaga waya a kira mai nazarin bayanai yana ɗauke da abu uku a jimla ɗaya ko biyu: binciken da aka yi da girman bayanan da aka yi shi a kai, kayan aikin da aka yi shi da su, da matakin da wani ya ɗauka saboda abin da aka gano. Na ukun shi ne mai wuya, shi ne kuma yawancin masu nema suke bari. Kamfani ba ya biyan albashi don a zana masa jadawali masu kyau. Yana biya ne don manaja ya daina yin wani abu, ko ya fara yin wani, da hujja a hannu.

Tun da ba ki ba mu alƙaluman aikinki ba, bari mu ƙaddara wasu don mu nuna yadda ake gina layin. Ke sai ki cire namu ki sa naki na gaskiya.

A ce kamfanin yana da sito uku, kowane da akawunsa da fayil ɗinsa na Excel. Ciniki na ƙaruwa a takarda, amma duk ƙarshen wata ana fama da kuɗin biyan masu kawo kaya. Manaja ya ce a duba masa inda kuɗin yake maƙalewa. Wannan ita ce tambayar, kuma ki fara rubuta ta a gefe kafin komai, domin aikin da ba ki iya faɗin tambayarsa a jimla ɗaya ba, ba za ki iya rubuta sakamakonsa ba.

Kika haɗa fayilolin wata 14 da Power Query, kayan aikin Excel na haɗawa da tsaftace bayanai, suka ba da layuka kusan 38,000 na rasit da biyan kuɗi. Nan kika ci karo da abin da duk mai aiki da littafin 'yan kasuwarmu ya sani: mutum ɗaya yana da suna huɗu. Akawun sito na farko ya rubuta shi da Alhaji, na biyu ya gajarta ya sa Alh., na uku ya sa sunan shagonsa, wata rana kuma yaronsa ya zo ɗaukar kaya aka rubuta laƙabi. Idan aka tara bashi a haka, bashin mutum ɗaya ya rabu gida huɗu, kowane ya zama ƙarami, babu wanda zai tayar da hankalin kowa. Kika daidaita sunayen ta lambar waya, sunaye 520 suka koma kwastomomi 410. Kada ki raina wannan matakin. Shi ne ya ci rabin lokacinki, kuma mai ɗaukar aiki da ya san sana'ar ya fi yarda da wanda ya ambace shi, don ya san bayanai ba sa zuwa a wanke.

Daga nan kika kasa bashin gwargwadon daɗewarsa da PivotTable: wanda bai kai kwana 14 ba, na kwana 14 zuwa 30, da wanda ya haura 30. Jimlar bashi naira miliyan 51 ce, miliyan 29 daga ciki ta haura kwana 30, kuma miliyan 18 daga cikin 29 ɗin tana hannun mutum 31 kacal. Wato mutanen da ba su kai kashi 8 cikin 100 na kwastomomi ba suna riƙe da kashi 62 cikin 100 na tsohon bashi. Abin da ya fi ba manaja haushi, da yawansu suna ci gaba da ɗaukar sabon kaya a wani sito alhali ana bin su a wani. Ya kafa doka: duk wanda bashinsa ya haura kwana 21, ba a ba shi sabon kaya bashi a kowane sito sai ya biya rabi.

Saura awo. Masu lissafin kuɗi suna da ma'aunin da ke nuna matsakaicin kwanakin da bashi ke yi kafin ya dawo: a raba bashin da ke waje da cinikin bashi na wani lokaci, a ninka da kwanakin lokacin. Kafin dokar, bashi miliyan 51, cinikin bashi na kwana 90 miliyan 135. Wata uku bayanta, bashi miliyan 36.8, ciniki miliyan 144.

```
=51/135*90      → 34
=36.8/144*90    → 23
```

Yanzu ga layin. Za ki rubuta shi da Turanci, tun da da shi ake tallata irin wannan aiki a Najeriya, amma ginin ɗaya ne:

"Na haɗa tare da tsaftace bayanan ciniki na wata 14 daga sito uku (layuka 38,000) da Power Query da PivotTable, na gano kwastomomi 31 cikin 410 ne ke riƙe da kashi 62 cikin 100 na bashin da ya haura kwana 30. A kan wannan manaja ya kafa iyakar kwana 21 ga bashi, kwanakin karɓar kuɗi suka sauka daga 34 zuwa 23 cikin wata uku."

Ki lura da inda kowa yake tsaye a jimlar. Ke kika haɗa, ke kika gano. Manaja ya kafa doka. Kwanaki suka sauka. Ba ki ce ke kika yanke hukunci ba, ba ki kuma ce ke kika karɓo kuɗin ba. Wannan ya warware damuwarki ta farko: dama ba aikin mai nazari ba ne yanke hukunci, aikinsa shi ne ya sa wa mai yankewa hujja a gaba. Likitan da ya karanta hoton ƙashi ba shi ke yin tiyata ba, amma babu mai cewa bai yi aiki ba. Inda ake shiga uku shi ne a rubuta "na rage bashin kamfani da kashi 28 cikin 100". Ranar ganawa za a tambaye ki yadda kika yi, ki fara kame-kame, domin masu bin bashi ne suka yi ta zirga-zirga a kasuwa, manaja ne ya jure fushin manyan kwastomomi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan ma ba a bukatar ta, gaskiyar ta isa.

Kafin ki amince da 34 zuwa 23 ɗin nan, ki tuhume shi da kanki, don mai ganawa da ya san aiki zai tuhume shi. Abu uku ne ke ɓata irin wannan kwatance a wurinmu.

Na farko farashi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na wannan shekarar, farashin kaya ya yi ta hawa, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Don haka duk layin da ya ce "ciniki ya ƙaru da kashi 25 cikin 100" a naira, a irin wannan lokaci, yana iya nufin an sayar da kaya ƙasa da na bara. A misalinmu cinikin bashi ya tashi daga miliyan 135 zuwa 144. Ƙila farashi ne ya ɗaga shi, katan-katan ɗin da suka fita kuwa sun ragu, saboda wasu kwastomomin da aka matsa wa sun koma wani dila. Ki duba adadin katan. In ya ragu, ki san da nawa, ki shirya faɗa a ganawa. Shi ya sa muka fi son ma'aunin da farashi ba ya kumbura shi sosai: kwanaki, katan, adadin kwastomomi, kashi cikin ɗari.

Na biyu lokaci. Cinikin sukari da madara da man girki a azumi ba ɗaya yake da na sauran watanni ba, haka biyan bashi kafin salla da bayanta. Idan wata ukun "kafin" sun faɗo a damina kasuwa na kwance, wata ukun "bayan" kuma suka faɗo a azumi, ba dokar kika auna ba, kalanda kika auna. Kwatanta wata da takwaransa na bara ma ba ya wadatarwa kai tsaye, domin azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara a kalandar boko. Ki duba ranakun ki tabbatar ɓangarorin biyu sun yi kama.

Na uku shi ne wanda ya fi kama mutane. Bashi yana iya raguwa a littafi ba tare da ko kwabo ya shigo ba, idan mai kamfani ya ce a share bashin wasu da aka fid da rai da shi, ko aka karɓi kayan da aka dawo da su aka cire daga lissafi. Ki tambayi akawu ko an share wani bashi a wannan tsakanin. In an share miliyan biyar, to ainihin raguwar ba ta kai abin da lissafinki ya nuna ba, sai ki mayar da su ki sake rabawa.

In kin bi waɗannan kika ga adadin ba zai tsaya da ƙafarsa ba, ki cire shi, ki tsaya a kan matakin. "A kan wannan manaja ya kafa iyakar kwana 21 ga bashi a duk sito uku" ya isa layi mai ƙarfi, don abu ne da ya faru, kuma ana iya buga wa manajan waya ya tabbatar. Adadin da ba za ki iya nuna yadda kika same shi a kan takarda cikin minti biyu ba, ya fi cutar da ke a kan rashinsa. Ki kuma guji lambobi masu santsi irin "kashi 50" da "kashi 30" a kowane layi. Aikin gaske yakan ba da 62 ne ko 23, kuma masu tantancewa sun saba gane na ƙirƙira.

To rahoton makon fa? Shi ma akwai mataki a bayansa, tono shi ake yi. Ki tambayi kanki: wa ke buɗe shi, wace rana, kuma me yake yi bayan ya karanta? In da shi ake yanke yawan katan ɗin da za a loda wa kowace mota ranar Litinin, ga matakinki nan. In da can awa shida ake yi ana kwafe-kwafe daga fayil uku, kika mayar da shi minti 40 da Power Query, ki rubuta haka, amma ki ƙara abin da saurin ya haifar: rahoton ya koma isa teburin manaja da safiyar Litinin kafin a loda motoci, maimakon Talata bayan sun tafi. In kuwa kin bincika kin ga babu mai buɗe shi, to rabin layi ya ishe shi, ko ki bar shi gaba ɗaya.

Akwai kuma binciken da aka yi, aka ba da shawara, aka ƙi ɗauka. Wannan ana sa shi, amma da sunansa: "na gabatar wa shugabanni shawarar kaza bisa hujja kaza". Kada ki rubuta shi kamar an aiwatar. Haka binciken da ya hana a yi wani abu, kamar a ce ana shirin buɗe sito na huɗu, alƙaluma suka nuna yawancin kwastomomin yankin dama suna saye a sito na biyu, aka fasa. Fasawa ma mataki ne, sau da yawa ma ya fi daraja a kan na yi.

Mu dawo kan manhajoji. Guda biyar kika jera, amma a misalinmu da Excel kika yi aikin da ya fi kowane nauyi. Babu abin kunya a wannan. Layuka 38,000 ba su kai ko kusa da iyakar shafin Excel ba, wadda take layuka 1,048,576, don haka shi ne kayan aikin da ya dace. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki aikin da aka yi da Excel a liƙa masa SQL ko Python don ya yi ƙyalli. Tambaya ta biyu a ganawa za ta tona, domin za a ce daga wane rumbun bayanai kika ciro su, alhali kamfanin ba shi da ko ɗaya.

Ga awon da za ki yi wa kowace manhaja: in aka miƙo miki kwamfuta da fayil yanzu, aka ce ki yi aikin minti ashirin ba tare da kallon bidiyo ba, za ki iya? Wadda ba ta ci wannan jarrabawar ba, ta fita. Mai yiwuwa Tableau ce za ta fara fita, wataƙila Python ta bi ta. Waɗanda suka rage kuma kada a bar sunansu tsirara. "Excel" kaɗai ba ya faɗin komai, don wanda ke shigar da sunaye ma Excel yake amfani da shi. Ki rubuta abin da kike yi da shi: Power Query, PivotTable, SUMIFS, XLOOKUP. (Ki san INDEX da MATCH ma, don XLOOKUP babu shi a Excel 2016 da 2019, kuma ofisoshi da dama har yanzu da su suke aiki.) Ƙa'idar ita ce duk manhajar da ke cikin jerin ƙwarewa ta sake bayyana aƙalla sau ɗaya a cikin wani layin aiki. In ba ta da layin da za ta zauna, ba ta da hujja.

SQL daban ce, domin tallace-tallacen wannan aiki da yawa suna neman ta. Hanyar halal ta ba ta layi ita ce ki sake yin aikin bashin nan da ita a gida, da bayanan da kika ƙirƙira masu siffar na kamfanin, a PostgreSQL ko SQLite, ki sa shi ƙarƙashin ayyukan kanki. Zuciyar binciken ba ta wuce wannan ba a PostgreSQL:

```sql
SELECT customer_id, SUM(balance) AS overdue
FROM invoices
WHERE balance > 0
  AND invoice_date < CURRENT_DATE - 30
GROUP BY customer_id
ORDER BY overdue DESC;
```

Akwai tarko guda da za ki haɗu da shi a nan, kuma ana son tambayarsa a ganawa. Idan kika haɗa teburin rasit da teburin biya da JOIN, rasit ɗin da aka biya sau uku zai fito sau uku, SUM ta tara kuɗinsa sau uku, bashi ya kumbura. Alamarsa ita ce jimlarki ta wuce ta littafin akawu. Maganinsa a fara tara biyan kowane rasit ya zama layi ɗaya, sannan a haɗa. Ki ƙirga layuka kafin haɗawa da bayanta, in sun ƙaru ki tsaya. Wanda ya iya ba da labarin irin wannan kuskuren da yadda ya kama shi, ya fi mai satifiket uku.

Tun da an zo maganar ayyukan kai: bayanan jirgin Titanic da ke Kaggle, shafin koyo da gasar nazarin bayanai, sun sha hannu, dubban masu nema sun sa su, kuma babu matakin da zai biyo bayansu. In za ki yi aiki na biyu, ki ɗauki abin da ke da tambaya mai rai, kamar rahotannin farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa, ki ƙare da shawarar da wani zai iya aiki da ita. Ki rubuta ƙarara cewa aikin kai ne, ba na kamfani ba. Guda biyu masu zurfi sun isa.

Tsoronki game da sirri yana kan hanya, amma maganinsa ba shiru ba ne. Ki sake karanta layin da muka gina: babu sunan kwastoma, babu lambar waya, babu ko naira ɗaya. Miliyan 51 da 135 ɗin sun tsaya a takardar lissafinki, abin da ya fito waje kwanaki ne da kashi cikin ɗari. In kina ganin ko adadin kwastomomi zai dame su, ki ce "sama da 400". Abin da ba a yi shi ne ɗauko ainihin fayil ɗin kamfani a ɗora a GitHub, ko a sa hoton dashbod da sunayen masu bashi a ciki. Sunaye da lambobin waya bayanan mutane ne da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanadi kariyarsu, ban da cin amanar da ke ciki, kuma duk mai ɗaukar aikin da ya ga haka ya san gobe nasa za a fitar. Ki yi hattara musamman da Publish to web a Power BI. Mutane suna danna shi don su sami adireshin da za su liƙa a sibi, ba su san ya buɗe rahoton ga duk wanda ke intanet ba tare da kalmar sirri ba. Da bayanan ƙirƙira kawai ake amfani da shi. In kin taɓa sa hannu a wata yarjejeniyar riƙe sirri lokacin da aka ɗauke ki, ki nemo ta ki karanta kafin ki sa kowane adadi.

Siffar takardar ba ta bukatar dogon bayani. Mai ƙwarewar shekara biyu shafi ɗaya ya ishe ta. Ƙarƙashin kamfanin layi uku zuwa biyar, mafi ƙarfi a sama, kowane kada ya wuce layi biyu a bugu. A saman takarda jimla biyu da ke faɗin ko ke wace ce da irin bayanan da kika saba da su, ba jerin siffofi irin "mai ƙwazo, mai aiki tuƙuru" ba. Jihar asali, addini, ranar haihuwa da matsayin aure su fita, sai in tallar ta nema. Ki guji zanen nan mai rabe-rabe biyu da taurari ko sanduna masu nuna wai SQL ɗinki ta kai huɗu cikin biyar. Huɗu a ma'aunin wa? Mai nazarin bayanai da ya sa adadin da ba shi da tushe a takardarsa ya fara da ƙafar hagu. Sannan manyan kamfanoni da ƙungiyoyi sukan karɓi takardu ta manhajar da ke karanta rubutun ta zuba shi a gurabe, kuma zane mai yawa yana rikita ta. Gwajin mai sauƙi ne: ki buɗe PDF ɗin, ki kwafe rubutun duka, ki zuba a Notepad. In ya fito a jere ana karantawa, lafiya. In ya cakuɗe, ko ya ƙi kwafuwa saboda hoto ne, ki sake gina shi a Word da tsari mai sauƙi.

Takarda guda kuma ba ta zuwa wurare arba'in. Kamfanin kasuwanci ko banki zai so layin bashi a sama. Ƙungiyar agaji ko ta lafiya ta fi damuwa da tsaftace bayanai da kai rahoto a kan lokaci, kuma tallarta takan ambaci manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox ko DHIS2, don haka a can sai ki ciro maganar sunaye 520 da suka koma 410 ki ba ta layin kanta. Ki yi amfani da kalmomin tallar inda suka dace da abin da kika yi da gaske, iyakarsa ke nan.

Abin da ya rage shi ne samo alƙalumanki na gaskiya. In ba ki tuna su ba, ki duba saƙonnin imel da na WhatsApp da kika tura wa manaja a lokacin, galibi taƙaitaccen sakamakon yana nan, da kwanan watansa. Sannan ki kira shi, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki gaya masa kina neman aiki kuma kina son ambaton aikin bashin ba tare da suna ko kuɗi ba. Ki karanta masa layin yadda kika rubuta shi, ki yi masa tambaya uku: dokar ba da bashin tana nan har yanzu, an share wani bashi a wancan lokacin, kuma ya yarda ki ba da sunansa a matsayin wanda za a tuntuɓa? In ya gyara miki wani adadi, ki ɗauki nasa, domin shi za a kira.